Tafiyar Morris a kan bishiya: me ya sa kod ɗina ya fitar da 10 sau biyu ya maƙale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaliba ce ni a nan Bauchi, ina aji uku a kimiyyar kwamfuta. An ba mu aikin bin bishiya mai reshe biyu daga ƙaramar lamba zuwa babba, amma ba da sitak ba, kuma ba da aikin da ke kiran kansa ba. Na rubuta hanyar Morris, sai ta fitar da lambar farko, wato 10, har sau biyu, daga nan kwamfutar ta yi shiru. Kuma ban gane yadda ake cewa lokacinta O(n) ne ba alhali akwai `while` a cikin `while`. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun kafin in ga kod ɗinki ina da kyakkyawan zaton inda ɓarakar take, domin alamar da kika faɗa ta kuskure guda ce sananniya. Amma idan na nuna miki layin kawai, za ki gyara ki wuce ba tare da kin ga abin da hanyar take yi ba, gobe kuma wani kuskuren da ya fi wannan muni ya same ki. Saboda haka mu fara daga abin da sitak ke yi mana, sai mu ga inda Morris ya kai shi.

Idan kina bin bishiya a jerin hagu, tsakiya, dama, wanda za ki gani a rubuce da sunan `inorder`, matsalarki guda ce tak: hanyar komowa. Kina tsaye a kan ƙulli, wato mahaɗar da ke riƙe da lamba ɗaya a bishiyar, dole ki gangara hagu ki gama duk abin da ke can kafin ki karanta shi ƙullin. To amma manunin bishiya, wato adireshin ɗa da ƙulli ke riƙewa, ƙasa yake nunawa, ɗa bai san ubansa ba. Sitak shi ne takardar da kike rubuta "zan dawo nan" duk lokacin da kika gangara hagu. Tsawon takardar kuwa yana iya kai zurfin bishiyar.

Yanzu ki ƙirga guraben da ke cikin bishiyar. Kowane ƙulli yana da gurbi biyu, na hagu da na dama, don haka ƙulli n suna da gurbi 2n. Waɗanda ake amfani da su n − 1 ne kawai, domin kowane ƙulli yana da manuni ɗaya da ke nuno shi, in ban da tushe. Saura n + 1 babu komai a cikinsu. Fiye da rabin guraben bishiya a wofi suke zaune. Perlis da Thornton sun lura da haka tun 1960, suka kawo bishiya mai zare, inda ake cika waɗannan guraben da manuni na dindindin zuwa ƙullin da ke gaba ko baya a jeri. Kuɗin da ake biya shi ne kowane ƙulli sai ya riƙe wata alama da ke bambanta zare da reshe na gaskiya. A 1968 Donald Knuth ya jefa tambayar ko za a iya bin bishiya ba sitak, ba kuma tare da an bar ta a sauye ba. A 1979 Joseph Morris ya wallafa amsar da muke magana a kanta: a ɗaura zaren na ɗan lokaci, a kwance shi da zarar ya gama aikinsa.

Ki ɗauki yaron da aka aika rabon goron biki a lungunan cikin gari. Ya zo ƙofar wani gida, amma an ce sai ya gama lungun da ke hagun gidan kafin ya miƙa nasu. Ba shi da takarda. Sai ya ruga gidan ƙarshe na lungun ya ce, "Idan na zo na ba ku naku, ku tuna mini in koma gidan can." Sannan ya dawo ya fara rabo. Gidan ƙarshen nan shi ne magabaci: ƙullin da ake karantawa dab da wanda kike kai. Samunsa ba wuya, taku ɗaya hagu, sannan dama, dama, har hanya ta ƙare. Kuma tun da hanyar dama ta ƙare a kansa, gurbinsa na dama tabbas a wofi yake. A nan ake ajiye saƙon. Ƙulli biyu ba sa raba magabaci ɗaya, don haka ba za a yi rububin gurbi ba.

Ga hanyar a Python:

```python
def morris(root):
    cur = root
    while cur is not None:
        if cur.left is None:
            print(cur.val)
            cur = cur.right
        else:
            pred = cur.left
            while pred.right is not None and pred.right is not cur:
                pred = pred.right
            if pred.right is None:
                pred.right = cur
                cur = cur.left
            else:
                pred.right = None
                print(cur.val)
                cur = cur.right
```

Kada ki yarda da shi don na rubuta. Ɗauki biro mu bi shi a kan wannan bishiyar mai ƙulli 7:

```
        40
      /    \
    20      60
   /  \     /
 10    30  50
       /
     25
```

Muna kan 40. Yana da hagu, don haka mu nemo magabacinsa: taku ɗaya hagu zuwa 20, dama zuwa 30, hanya ta ƙare. Damar 30 a wofi take, alamar cewa wannan ne zuwanmu na farko. Muka ɗaura zare daga 30 zuwa 40, muka gangara 20. Ba mu karanta komai ba tukuna. A kan 20 ma haka: magabacinsa 10 ne, muka ɗaura zare daga 10 zuwa 20, muka gangara 10.

Shi 10 ba shi da hagu, sai a karanta shi, a bi damarsa. Ki lura da kyau a nan, kod ɗin bai san zare yake bi ba. Layin `cur = cur.right` ɗaya ne ko reshe ne ko zare. Shi ya sa ba a buƙatar alamar da bishiyar Perlis da Thornton ke buƙata. Zaren ya mayar da mu 20.

To ta yaya za mu san wannan zuwa na biyu ne, tun da ba mu rubuta komai a wani wuri ba? Sai mu sake neman magabaci. Muka je 10, muka duba damarsa, muka tarar tana nuno 20, wato inda muke tsaye. A bishiya lafiyayya ba yadda za a yi na ƙasa ya nuno na sama, don haka mu muka ɗaura wannan, kuma ba za mu dawo ta kansa ba sai mun gama hagu. Muka kwance zaren, muka karanta 20, muka wuce dama zuwa 30. Wannan shi ne zuciyar hanyar gaba ɗaya. Zaren aiki biyu yake yi: shi ne hanyar komowa, kuma shi ne shaidar cewa an riga an zo.

Sauran yana tafiya da sauri. A kan 30 muka ɗaura zare daga 25, muka gangara, muka karanta 25, zare ya dawo da mu, muka kwance, muka karanta 30. Damar 30 kuwa ita ce zaren da muka ɗaura tun farkon tafiya, shi ya ɗauke mu zuwa 40. Muka sake bin 20 da 30, muka ga zaren, muka kwance, muka karanta 40. A kan 60 muka ɗaura daga 50, muka karanta 50, muka kwance, muka karanta 60. Damar 60 a wofi take da gaske, tafiya ta ƙare. An fitar da 10, 20, 25, 30, 40, 50, 60, kuma bishiyar ta koma yadda aka ba mu ita. Zagayen waje ya juya sau 11: ƙulli 4 masu hagu sau biyu-biyu, ƙulli 3 marasa hagu sau ɗai-ɗai.

Yanzu ga naki kuskuren. Ina kyautata zaton zagayenki na ciki haka yake:

```python
while pred.right is not None:
    pred = pred.right
```

Wato babu `pred.right is not cur`. A zuwan farko ba ya nuna komai, domin babu zare a hanya. Amma bi shi a zuwa na biyu kan 20. An fara daga 10, damarsa zare ne zuwa 20, kod ɗin bai tsaya ba, ya hau. Daga 20 ya tafi 30, daga 30 ya hau ɗayan zaren zuwa 40, daga 40 zuwa 60. A nan ne ya sami dama a wofi, sai ya ɗauka 60 ne magabacin 20, ya ɗaura zare daga 60 zuwa 20, ya sake gangarawa 10. Ga 10 ɗinki ta biyu. Ya dawo 20, ya sake shiga neman magabaci, amma yanzu hanyar dama ta zama da'ira: 20, 30, 40, 60, 20, haka har abada. Babu `print` a cikin wannan zagayen, shi ya sa allon ya yi shiru alhali injin yana ta gudu. Idan kin duba kika ga sharaɗin yana nan, to ki duba ko lambobi kike gwadawa, irin `pred.right.val != cur.val`. Tambayar da ake yi ita ce "shin wannan shi ne ƙullin da nake kai", ba "shin lambarsu ɗaya" ba. Ranar da lamba ɗaya ta bayyana sau biyu a bishiya, gwajin lambobi zai iya yanke reshe na gaskiya da zaton zare ne.

Maganar lokaci kuma, tsoronki yana bisa hanya, domin zagaye cikin zagaye yakan haifar da O(n²). Amma a nan kada ki ƙirga zagaye, ki ƙirga sau nawa ake taka kowane reshe. Hanyar neman magabacin 40 ita ce reshen 40 zuwa 20, sai na 20 zuwa 30. Wa kuma zai taka waɗannan rassan wajen neman nasa magabacin? Babu. Na 20 yana bin 20 zuwa 10, na 30 yana bin 30 zuwa 25, na 60 yana bin 60 zuwa 50. Dalili shi ne kowace hanyar nema tana farawa ne daga ɗan hagu, ɗan hagu kuwa ubansa ɗaya ne, don haka hanyoyin ba sa haɗuwa. Kowace hanya ana takata sau biyu, ɗaya don ɗaurawa, ɗaya don kwancewa, sannan `cur` da kansa ya taka reshen sau ɗaya. Kowane reshe ke nan bai wuce taku uku ba. Rassa n − 1 ne, zaren da ake bi ma ba su kai n ba, jimillar tana girma ne daidai da n. Wani neman yana iya yin tsawo, amma tsawonsa daga rabon sauran ya ci. Wurin ajiya kuwa `cur` ne da `pred`, ko bishiyar ƙulli 7 ce ko miliyan 7. Shi ne O(1) ɗin.

Sai dai ina so ki riƙe wani abu da ba kasafai ake faɗa a aji ba. Sitak ɗin bai ɓace ba, cikin bishiyar aka ɓoye shi. Lokacin da muke kan 25, zare biyu ne a ɗaure, na 25 zuwa 30 da na 30 zuwa 40. Da sitak muke amfani, abin da zai kasance a cikinsa a wannan lokacin, ban da ƙullin da muke kai, shi ne 30 da 40. Abu ɗaya ne, wurin ajiyarsa ne ya sauya. Aro muka yi daga guraben bishiyar, kuma muddin ba mu mayar ba, abin da ke hannunmu ba bishiya ba ce, akwai da'ira a cikinta. Daga nan duk haɗarin hanyar yake fitowa.

Mafi yawan wanda na gani a aikin ɗalibai shi ne fita kafin a gama. A ce an tambaye ki lamba ta uku mafi ƙanƙanta. Kin ƙirga 10, 20, 25, kin samu, kika rubuta `return`. Amsar daidai ce, gwaji ya wuce, kin tafi. Amma kin bar zare biyu a ɗaure. Duba abin da zai faru idan aka sake kiran `morris` a kan bishiyar nan. Yana kan 40, ya nemi magabaci, ya tarar 30 na nuno 40, sai ya ɗauka an riga an gama hagu. Ya kwance, ya fitar da 40, 50, 60, ya tsaya lafiya lau. Ƙulli huɗu sun ɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Kira na gaba zai fitar da 10, 20, 30, 40, 50, 60, ya tsallake 25 saboda ɗayan zaren da ya rage. Na bayansa kuma komai ya fito daidai, domin kowane kira ya kwance zare ɗaya a hanya. Wannan irin ciwon ne ya fi wahalar da mai gyara, ciwon da ke warkewa da kansa kafin likita ya iso. Na taɓa zama da wani ɗalibi daga bayan la'asar har aka kira magariba muna neman dalilin da ya sa jerin sakamakonsa ke fitowa a gajarce wani lokaci, wani lokaci cikakke. Mun zargi shigar da bayanai, mun zargi fayil, ashe `break` ne guda a cikin tafiyar. Idan kuwa aikin da ke kiran kansa ne ya fara taɓa gurɓatacciyar bishiyar, kamar mai auna zurfi, zai riƙa kai-komo tsakanin 30 da 25 har Python ta dakatar da shi da `RecursionError`. Wannan ya fi sauƙi, domin ya yi ihu.

Maganinsa shi ne ki ajiye amsar a gefe, ki bar zagayen ya ƙarasa tafiyarsa har `cur` ya zama `None`, sannan ki mayar da amsar. Kin rasa ribar tsayawa da wuri, amma kin mayar da aron. Haka ma idan kika sauya `print` da wani aiki da zai iya faɗuwa da kuskure a tsakiya, ko kika yi amfani da `yield` mai kira ya daina karɓa a hanya, sakamakon ɗaya ne. Dole ki tanadi `finally` da zai ƙarasa kwancewar.

Na biyu shi ne tarayya. Bin bishiya da sitak karatu ne kawai, ayyuka goma suna iya yi lokaci guda ba wanda ya dami wani. Tafiyar Morris rubutu ce sanye da rigar karatu. Ayyuka biyu suka shiga tare, ɗaya zai ga zaren ɗaya ya ɗauka nasa ne, ya kwance, ya tsallake reshe, wancan kuma ya iso ƙasa ya tarar an ɗauke masa hanyar komowa, ya tsaya da zaton ya gama. Sai an kulle bishiyar gaba ɗaya tsawon tafiyar. Bishiyar da ba a yarda a sauya ta ba kuwa, ko wadda ke wurin da karatu kawai ake yi, hanyar ba ta shiga gare ta sam.

Idan malaminku ya ƙara da `preorder`, layi ɗaya za ki motsa: ɗauke `print` daga wurin kwancewa ki kai shi wurin ɗaurawa, wato ki karanta ƙulli a zuwan farko. Bishiyarmu za ta ba ki 40, 20, 10, 30, 25, 60, 50. `postorder` ya fi wuya, domin sai an juya hanyar dama baibai an karanta ta an sake mayarwa. Ki bar shi sai waɗannan biyun sun zauna miki.

A aikin yau da kullum, ni ba kasafai nake zaɓar ta ba, kuma ga lissafina. Daidaitacciyar bishiya mai ƙulli miliyan ɗaya zurfinta kamar 20 ne. Sitak mai manuni 20, kowane bayit 8, bayit 160 ke nan. Ba zan sa bishiyata cikin haɗari in kuma taka rassa sau uku don in tsira da bayit 160 ba. Inda take da amfani shi ne inda ba ki da iko da siffar bishiyar. Ki shigar da lambobi a jere daga babba zuwa ƙarami cikin bishiyar nema da ba ta daidaita kanta, za ki samu sarƙa guda doguwa da ta karkata hagu, zurfinta n. Iyakar kiran kai a Python 1000 ce idan ba a sauya ta ba, don haka aikin da ke kiran kansa zai faɗi, sitak na hannu kuma zai riƙe kowane ƙulli. Morris zai bi sarƙar da manuninsa biyu. Haka a ƙananan na'urori: Arduino Uno R3 kilobayit 2 ne duk wurin aikinsa, a can sanin cewa tafiya ba za ta ci fiye da manuni biyu ba abu ne mai daraja. Idan kuwa ƙullinki suna da manuni zuwa uba tun asali, ba ki buƙatar wannan duka, kina da hanyar komowa ba tare da kin taɓa komai ba.

Kafin ki miƙa aikin, ki yi gwaji uku. Kira `morris` sau biyu a jere a kan bishiya ɗaya, ki tabbatar jerin biyu iri ɗaya ne. Bayan tafiyar ki ƙirga guraben wofi da wani ɗan aiki na dabam mai iyakar taku, dole su zama n + 1, wato 8 a bishiyarmu. Idan kin samu ƙasa da haka, ko ƙirgar ta ƙi ƙarewa, akwai zaren da aka manta. Sannan ki gwada bishiyar da babu komai, mai ƙulli ɗaya, sarƙar hagu zalla da sarƙar dama zalla. A sarƙar dama ba za a ɗaura zare ko ɗaya ba. A sarƙar hagu mai ƙulli 5, lokacin da kika isa ƙasa ya kamata ki ga zare 4 a ɗaure, su riƙa kwancewa ɗaya bayan ɗaya kina hawowa. Sa `print` a layin ɗaurawa da na kwancewa ki ƙirga su. In sun ƙi yin daidai, turo mini kod ɗin da bishiyar da kika gwada mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.